Ɗage ganawa ba tare da a ga sakacinka ba

"Na yi alƙawari da wani Alhaji a unguwar Birni ta Damagaram ranar Laraba, sai ga tafiya Matameye ta taso mini. Yaya zan ɗage kada ya ce ba ni da alƙawari?"

Ɗan'uwa, kira shi yau ɗin nan. Kada ka bari sai safiyar Laraba, don a nan ake ganin sakaci. Kuma babba ba a aika masa da saƙon waya kawai, sai ya ɗauka raini ne.

Bayan kun gaisa sosai, faɗi uzurinka a taƙaice: "Ranka ya daɗe, a gafarce ni, tafiya ta kama ni zuwa Matameye, ba zan samu zuwa ranar Laraba ba." Dalili ɗaya ya isa. In ka jero uku, ko gaskiya ne, sai su yi kama da ƙarya.

Inda mutane ke kuskure shi ne su rufe da "sai mun yi waya". Wannan magana ba ta da rana. Kai ka ɗage, kai za ka kawo sabon lokaci: "Asabar da hantsi ko Lahadi bayan La'asar, wanne ya fi maka? Ni zan zo har gida." Kauce wa Alhamis, ranar cin kasuwar Dole ta Damagaram ce, in ɗan kasuwa ne ba zai samu sukuni ba.

Ranar da kuka tsayar, isa kafin lokaci.