Ɗalibai da yawa, amma aka ce "is": ina dalili?

Tambaya: Malam, ina shirin rubuta WAEC. Na rubuta "The list of candidates who passed the exams are on the board", malaminmu ya zagaye "are" da jan biro. Ba mutane da yawa ake nufi ba? Haka "everyone", "news" da "team" suna rikita ni.

Amsa: Ɗana, malaminku ya yi daidai. Me aka liƙa a allon? Ai ba ɗaliban aka liƙa ba, takardar sunayensu ce, ita kuwa guda ɗaya ce. Faɗe ta da Hausa ka ji: "Jerin sunayen ɗaliban da suka ci jarrabawa yana kan allo." Ka ga "suka" na ɗalibai ne, "yana" kuma na jeri. Bakinka ba zai yarda ka ce "jerin nan suna kan allo" ba. A Turanci kunnenka ne ya yaudare ka, ya kama "exams" da ke maƙwabtaka da aikatau, alhali mai aikin yana can farkon jimla.

Ga dabara. Sa yatsa ka rufe daga "of" har zuwa "exams". Abin da ya rage shi ne "The list ... on the board", sai "is" ta zo da kanta. Amma yatsan yana da inda yake gazawa. "A number of students are absent" daidai ne, domin "a number of" na nufin "da dama", ɗaliban ne ba su zo ba. "The number of students is small" kuwa adadin ake nufi, shi ya sa ya zama tilo.

"Everyone" bai kamata ya wahalar da Bahaushe ba, tunda mu ma "kowa ya zo" muke cewa. Don haka "Everyone has finished".

"News" ce mai tarko, saboda muna fassara ta da "labarai", ga kuma "s" a wutsiya. Tilo ce: "The news is bad". In labari ɗaya kake nufi, ka ce "a piece of news".

Sunayen taro irin su "team" da "committee" kamar "jama'a" suke a wurinmu: "jama'a ta watse", "jama'a sun watse", duka ana faɗa. Turawan Birtaniya kan ce "The committee has decided" in kwamitin ya yi magana da murya ɗaya, su ce "The committee are arguing" in mambobin ne ke musu. Amurkawa sun fi tsayawa kan tilo. Wanda ka ɗauka, kada ka sauya shi a tsakiyar jimla. "Police" dai ba ta shiga wannan zaɓi, kullum jam'i ce kamar 'yan sanda: "The police are coming".