Azuzuwa goma, ɗakuna takwas: yaya zan tsara jadawali?

Tambaya: Ni shugaban sakandare ne, azuzuwa goma, ɗakunan karatu takwas, malamin lissafi ɗaya tal. Ta ina zan fara jadawalin darussa?

Ranka ya daɗe, fara da malamin lissafin. Darasi takwas a rana, kwana biyar, gurbi 40 ke nan. In kowane aji zai samu lissafi biyar, ana buƙatar 50, ka ga ba ta fita. Ka rage zuwa huɗu, ka miƙa azuzuwa uku ga malamin kimiyya, malamin lissafin ya tsaya a darasi 28. Shi za ka fara zubawa, musamman da safe.

Ɗakuna kuwa, a kowane gurbi aji biyu su kasance a gona, filin wasa ko ɗakin gwaji, wasu su shiga ɗakunansu. Ranar Juma'a ana tashi da wuri, don haka sake ƙirga 40 ɗin nan tukuna.