Wanke bayanai ne aikin, zane daga baya yake zuwa

"Maigida, ina so in koyi nazarin bayanai da kaina cikin shekara guda. Da Python zan fara ko da Power BI, domin in samu aiki da wuri?"

Ba da ko ɗaya daga cikinsu za ka fara ba, kuma wannan "da wuri" da ka faɗa ita ce cutar samarin yanzu, waɗanda ke kallon bidiyo na mako uku su zana jadawali mai launi, sannan su ce sun ƙware. Ka ba Excel wata huɗu na farko, ka ba SQL, harshen da ake zaƙulo bayanai daga rumbunsu da shi, wata uku, sauran watannin ka raba su tsakanin Power BI, manhajar zana jadawali da rahoto, da aikin gaske a kan bayanan wani shago ko makaranta. Python ya jira shekara ta biyu. Yadda ake saka manhaja da yadda ake tara lissafi ba zan ɓata bakina a kansu ba.

Abin da zai ci maka lokaci shi ne wanke bayanai, wato gyara kurakuran da ke cikinsu kafin a yi lissafi da su, kuma a kansa aka cuce ni. Wani dillalin kayan masarufi mai shaguna uku, ɗaya a Kawo, ɗaya a Tudun Wada, ɗaya a Kakuri, ya kira ni yana rantsuwa cewa yaron shagonsa na Kawo yana yi masa sata, domin cinikin da ke cikin kwamfuta ya fi kuɗin da ya shiga banki da kusan naira miliyan 3. Muka yi ciniki a kan dubu 400, ya ba ni dubu 100 kafin alƙalami.

Da na buɗe fayil ɗin, kwanan wata na fara dubawa. Kwamfutar shagon an saita ta a tsarin Amurka, wanda ke sa wata kafin rana, shi kuwa yaron yana rubutawa irin tamu. Idan ya rubuta 03/04/2022 yana nufin 3 ga Afrilu, sai Excel ya ɗauke shi 4 ga Maris. Idan kuma ya rubuta 25/04/2022, tunda babu wata na 25, sai ya zauna a matsayin rubutu zalla, ya jingina gefen hagu na akwatin, alhali kwanan wata na gaskiya a dama yake zama. Idonka ya saba da wannan alamar, kuma ka tabbatar da `=ISNUMBER(A2)`, domin duk layin da ya ba ka `FALSE` ba zai shiga lissafin watansa ba.

Wannan ya hargitsa watanni, amma bai bayyana giɓin kuɗin ba. Sai na yi amfani da SQL na nemi rasitin da aka shigar fiye da sau ɗaya:

```sql
SELECT shago, lambar_rasit, kaya, COUNT(*)
FROM ciniki
GROUP BY shago, lambar_rasit, kaya
HAVING COUNT(*) > 1;
```

Ɗaruruwan layuka suka fito, kusan dukkansu na Kawo. Ban goge ko ɗaya ba sai da na je shagon na karɓi littafin rasit na takarda na gwada su, domin mutum yana iya sayen buhun sukari sau biyu a rana, kuma mai goge maimaici ido rufe yana goge ciniki na halak. Ashe duk ranar da aka ɗauke wuta yaron yana rubuta ciniki a littafi, idan ta dawo ya shigar, washegari kuma abokin aikinsa ya sake shigarwa. Da aka cire maimaicin, giɓin ya koma ƙasa da dubu 50.

Na kai wa dillalin rahoton shafi biyu. Ya karanta, ya ajiye, ya dube ni ya ce tunda ba a sace masa komai ba, kuɗin me zai biya, ai ko ɗansa zai iya wannan. Na wanke wani bawan Allah daga zargin sata, na hana dillalin korar amintaccen yaro, amma har yau dubu 300 ɗina suna hannunsa, kuma idan muka haɗu a wajen ɗaurin aure sai ya miƙo mini hannu kamar babu komai. Ban yafe ba.

Irin wannan mutumin shafin ƙarshe kawai yake gani, saboda haka tun daga watan farko ka saba da ajiye fayil na asali ba tare da ka taɓa shi ba, ka yi aiki a kan kwafi, ka kuma rubuta kowane gyara a shafi na daban: layi nawa ka tarar, nawa ka cire, saboda me, nawa suka rage. Wannan shafin shi kake ɗorawa a saman rahoto, kuma kafin ka buɗe fayil ɗin kowa, a rubuta cewa kuɗin bincike za a biya, ko an sami ɓarawo ko ba a samu ba.

Bayanan da ake ba ku a darussan intanet an riga an wanke su, ba za su koya maka wannan ba. Ka je wurin mai shagon unguwarku ka roƙi littafin cinikinsa na wata uku, ka shigar da hannunka, ka daidaita jimillar da kuɗin da ya ce ya karɓa, sannan ka kawo mini in gani.