Layina na fassara ya fi bakin ɗan wasa tsawo, ya zan yi?

Tambaya: Salam Malam, barka da ƙoƙari. Na fara rubuta maganganun fim da ake ɗora wa muryar Hausa, amma duk layin da na fassara sai ya fi na asali tsawo, ɗan wasa ya rufe baki murya na ci gaba, in na rage kuma sai ma'ana ta gudu. Dan Allah ya ake yi layi ya zauna daidai a baki?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Inaga matsalar daga inda kake farawa ne, kana farawa da takarda, alhali da bakin mutumin ya kamata ka fara. Fassarar da ka yi ta farko ka ajiye ta gefe, amfaninta kawai ta gaya maka me ake nufi, ba ita za a karanta a sitidiyo ba. Kafin ka rubuta kalma ɗaya ka kashe sauti gaba ɗaya ka kalli bakin, sau uku sau huɗu, ka rubuta firem ɗin da ya buɗe baki, firem shi ne hoto ɗaya cikin jerin hotunan da suka haɗu suka zama fim, da inda ya tsaya ya ja numfashi, da inda leɓɓansa suka haɗu suka rufe, da yadda bakin ya ƙare, a buɗe ko a rufe. Wannan shi ne ma'auninka, kamar tela ne, sai an gwada mutum ake yanka yadi.

Ka saba da lissafin firem tun yanzu don sakan ya yi girma a wannan aikin. Fim ɗin silima firem 24 ne a sakan ɗaya, talabijin na tsarin PAL kuma 25, wato firem ɗaya kashi ɗaya ne cikin 25 na sakan. Ido yana yafe murya in ta ɗan makara da firem biyu ko uku, amma in ta riga baki ko da firem biyu ne sai mai kallo ya ji wani abu ba daidai ba ko bai san menene ba, saboda a rayuwa mun saba ganin abu kafin sautinsa ya iso mu, ba mu saba da akasin haka ba. Shi yasa farkon layi ya fi ƙarshensa tsanani.

Bari mu ɗauki layi ɗaya mu yi shi tare. A ce mace ce, kyamara ta matso fuskarta sosai, ranta a ɓace tana magana da wani namiji. Ta buɗe baki a 00:14:08:05 ta gama a 00:14:10:15, wato awa, minti, sakan, sai firem a ƙarshe, a firem 25 kenan sakan biyu da firem goma, jimilla firem 60. Da ka kalla ba sauti sai ka ga ta yi gaɓa huɗu cikin firem 20, ta tsaya firem 8, sannan ta yi gaɓa shida cikin firem 32. Leɓɓanta sun rufe sau biyu kacal, a gaɓar farko da kuma farkon gaɓar ƙarshe, kuma ta ƙare baki a buɗe. Ma'anar abin da ta ce shi ne: na gaya maka kada ka sake dawowa gidan nan. Ƙirga gaɓoɓin wannan da yatsa, goma sha shida ne, gurbin goma kake da shi. Wannan shi ne layin da ke sa mai ɗora murya ya riƙa gudu kamar ana binsa, fushin ya ɓace, sai sauri kawai.

Abin da kowa ke fara yi shi ne yanka: na gaya ma, kar ka dawo nan. Gaɓa huɗu da biyar, tsawo ya kusa yi, kuma Hausa ce mai kyau ba laifi. Amma ɗora shi a kan bakin ka gani. Ita ta fara da leɓe a rufe, kai ka fara da na, wadda baki a buɗe ake yinta. Rufewarka ta zo a ma, gaɓa ta huɗu, inda bakinta a wangale yake, a ƙarshe kuma ta rufe leɓe kai ba ka da komai a wajen. In daga nesa aka ɗauko ta wannan layin ya wadatar wallahi, kar ka ɓata lokacinka, amma a fuska cike da allo za a gane.

Toh sai ka tambayi kanka, wace hanya ce Bahaushiya a fusace za ta faɗi wannan maganar da za ta fara da harafin leɓe ta ƙare da shi? Nan Hausa ta yi mana gata, korewarmu ba ce a farko da ba a ƙarshe. Ban hana ka, sake dawowa ba? Ƙirga: ban ha na ka huɗu, sa ke da wo wa ba shida. Rufewa ta farko ta faɗa a ban, ta biyu a ba, baki ya ƙare a buɗe, tsayawar firem 8 ɗin ta faɗo bayan ka inda mai fushi zai iya tsayawa. Ka lura ba kalma na canja ba, ginin maganar gaba ɗaya na juya daga labari zuwa tambaya, ma'anar kuma tana nan, har ta fi ta farkon zafi. Yawancin layukan da suke gagarar mutum haka ake warware su, mutum yana ta neman kalma mai kama da kalma alhali jimlar ce take buƙatar juyi.

Amma ba a gama ba, sake kallo, wannan karon ka bar bakin ka kalli jikinta. A ce a gaɓa ta biyar ta kashi na biyu ta nuna ƙasa da yatsa. A layinmu yatsan ya faɗa kan wa ta dawowa, wadda ba ta nuna komai, kuma mai kallo yana ganin hannu tun kafin ya lura da leɓe. Sai a gyara: ban hana ka, zuwa gidan nan ba? Zu wa gi dan nan ba, shida cif, nan ta zauna a ta biyar daidai yatsa. Akwai ma ƙarin riba, in ka faɗi nan ba da sauri nam ba ke fitowa, leɓen yana rufewa da wuri, sai rufewar ta cika firem biyu ukun da ake gani a hoto. Mun rasa kalmar sake, amma wanda ya kalli sin ɗin baya ya san ba yau ya fara zuwa ba.

Haruffan leɓen da za ka riƙa farauta su ne b da ɓ da m, sai f, don a bakin mafi yawanmu f da leɓɓa biyu ake yinta ba da haƙori ba, saboda haka tana iya rufe gurbin p da f da v na wasu harsuna. Ba dole b ta hau kan b ba, ido bai bambanta su, m a kan p ta yi daidai. Bayan su sai zagayen baki na u da o da w. Sauran haruffa irin su k, g, t, d, s, a cikin baki suke faruwa, ba wanda ke ganinsu, kar su dame ka ko kaɗan.

Wani abu da ƙirgan gaɓa kaɗai ba zai nuna maka ba shi ne nauyi. Gaɓa mai dogon wasali ko mai ƙarewa da baƙi kamar dan da nan ta fi gajeriyar gaɓa irin ka ko irin da cin lokaci, don haka layi biyu masu gaɓa shida shida suna iya bambanta da firem da yawa. Kuma ina roƙonka kar ka bari a cike gurbi da jan wasali, ko a matse dogon wasali don a samu wuri, a Hausa tsawon wasali ma'ana ne. Baƙi na launi da baƙi waɗanda suka zo daga nesa, tsawon a ɗin farko yana cikin abin da ya raba su, ka matse ɗaya sai ka ji ɗayan. Na taɓa zama a ɗaukar murya inda aka sa yarinya ta riƙa jan ƙarshen kowace kalma don ta kai tsawon baki, da muka saurara washegari kamar mai rera waƙa a wurin da ya kamata a ce kuka take, dole aka sake sin ɗin dukkansa, kuma laifin rubutun ne ba nata ba.

In layi ya gaza tsawo, ƙananan kalmominmu ne maganinsa, kuma ka zaɓe su da ido: fa, ma, kam, mana suna rufe leɓe, dai da ai da kuwa ba sa rufewa. Sai dai kowacce da halinta, mana tana da ƙosawa a ciki, dai tana sassautawa, kar ka saka wa mai ba da umarni dai don kawai gaɓa ɗaya ta rage maka. In kuma ya yi yawa ka koma yadda ake magana da baki, kada ta zama kar, maka ta zama ma, masa ta zama mai, in dai irin mutumin da ke maganar zai faɗi haka, don sarki a fada ba zai yi maganar ɗan tasha ba.

Abin da ya ƙi shiga kuma ba lallai ka zubar ba, ka duba gaba kaɗan. Duk inda kyamara ta koma kan mai saurare, ko mai maganar ya juya baya, ko ya fita daga hoto, nan ne filinka, ka mayar da bayanin da ka cire a can. Sunan mutum ne kawai nake ƙoƙarin bari a inda yake, saboda sauti ɗaya ne a harsunan biyu kuma mai kallo yana iya karanta shi a leɓe.

Gwajin ƙarshe da bakinka za ka yi shi, a bayyane, da irin fushin ko kukan da ke fuskar, don karatun zuci kullum ya fi na baki sauri, layin da ya shiga a zuciyarka sai ya zarce da rabin sakan a gaban makirfo. Ka ɗauki muryarka ko da waya ce, ka ɗora a kan hoton ka kalla. In sai ka yi sau biyar kafin ka samu ya zauna, layin bai yi ba, sake shi. Edita yana iya tura layi gaba ko baya da firem ɗaya biyu, yana iya ɗan matse shi kaɗan, amma in aka matse da yawa muryar tana fara rawa kamar ta inji. A layukan da fuska ta cika allo ni nakan rubuta zaɓi biyu in ajiye a gefen takarda, don wani mai muryar yana da saurin baki wani kuma a hankali yake, sai ranar ɗauka za ka san wanne ya zauna masa.