Shagon bakin kwalta ko na cikin unguwa: wanne zan kama?

Tambaya: Assalamu alaikum, Alhaji. Na tara jika 1,500 bayan shekara huɗu ina wa wani yayana tsaron kanti, yanzu ina son buɗe nawa na kayan masarufi a nan Maradi. An nuna mini wuri uku. Na farko bakin kwalta ne kusa da tasha, haya jika 40 a wata, sai an biya wata shida gaba. Na biyu cikin unguwar Zariya, jika 15, wata uku gaba, amma akwai shago biyu a layin. Na uku a sababbin filaye can bayan gari, jika 7, ba shago ko ɗaya. Dillali ya ce in ban kawo kuɗin na kwalta kafin Juma'a ba wani zai ɗauka. Wallahi ba na barci, tsoro nake kada kuɗin su narke.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka ba dillalin nan ko dala kafin Juma'a. In wani ya ɗauka, Allah ya ba shi alheri. Duk shagon da na taɓa zuwa gani, sai an ce mini akwai wani Alhaji da ke tafe da kuɗi gobe da safe, har yau ban haɗu da shi ba. Dillali la'adarsa tana hawa da tsadar haya, don haka ka san inda zai tura ka.

Wurin bayan gari ka cire shi tun yanzu. Inda rabin gidaje ba a yi musu rufi ba, masu sayen su ne magina da masu gadi, su kuma biredi da sigari da ruwan leda ne cinikinsu. Rashin shago a wurin yana gaya maka cewa mutane ba su riga sun tare ba. Mai gidan kansa zai iya buɗe taga ya jira unguwa ta cika, kai da za ka ci daga shagon ba ka da wannan sararin.

Saura biyu, sai mu ɗauko alƙalami. Ka fi ni sanin ribar kantin yayanka, amma mu ɗauka cewa in an haɗa sukari da shinkafa da mai, waɗanda ribarsu siririya ce, da omo da alawa da biskit masu ɗan maiƙo, kana samun sefa 10 a kowace 100. A kwalta, haya 40, wuta da patanti da kuɗin gadi mu ce 15, cefanen gidanka jika 2 da rabi a rana, wato 75 a wata. Jika 130 ke nan. Kafin ribar 10 cikin 100 ta fitar da wannan, sai ka sayar da kayan jika 1,300 a wata, wajen jika 43 kowace rana ta Allah, har da ranar da aka wuni ana ruwa. A Zariya haya 15, sauran 10, cefane 75, jimla 100, sai cinikin jika 33 da ɗan ɗori a rana. In matsakaicin mai saye yana barin sefa 400, kwalta na neman mutum sama da 100 a rana, unguwa 80 da 'yan kai.

Za ka ce bambancin bai kai ya kawo ba. Dubi abin da ke fita daga aljihunka ranar farko. A kwalta wata shida jika 240 ne, in dillali ya karɓi kuɗin wata guda ya zama 280. A Zariya 45 da 15, wato 60. Tsakaninsu jika 220, kuma wannan kuɗin su ne firijinka da katan-katan na taliya da madara. Shagon da aka buɗe da kanta rabi-rabi, yaro in ya zo sau biyu an ce babu, ba ya zuwa na uku.

Yanzu ga abin da ya hana ka barci, wanda kusan kullum sai na yi gardamarsa da wani. Mutum ya tsaya bakin titi, ya ga gari na zuba kamar tururuwa, sai ya ce ai nan ko ƙasa ka kasa za a saya. Wannan tunanin ya cinye jarin mutane da yawa, ni ma ya ci nawa. Shagona na farko a bakin babbar hanya yake, na wuni ina kallon dubban mutane, in tashi da cinikin da bai kai na mai tebur ba. Wata bakwai na yi na tattara. Abin da ban gane ba lokacin shi ne masu wucewar nan tafiya suke. Ɗan kabu-kabu da fasinja a bayansa ba zai tsaya sayen magi ba. Mai neman motar Ɗan Isa ko Madarunfa ko Tasawa, hankalinsa na kan kada mota ta cika, in ya saya, ruwan sanyi ne ko kati. Wanda ya shigo gari ranar Litinin ko Juma'a domin sayayya, babbar kasuwa ya nufa, wurin 'yan sarin da kai ma can kake ɗauko kaya, kuma ya san farashinsu.

Wa ke sayen kayan masarufi a garin nan? Yaro ne. Uwa tana cikin gida, tukunya na kan wuta, ta lura mai ya ƙare, ta ba ɗan shekara bakwai dala 50 da kwalba, ta ce maza. Wannan yaron shi ne ubangidanka, sau uku ko huɗu yake zuwa a wuni daga gida ɗaya. Kuma babu uwar da za ta aike shi ya tsallaka kwaltar da manyan motoci ke bi. Ma'ana, shagon bakin kwalta ya rasa duk gidajen da ke wancan hannun titi, a hannunsa kuma sau da yawa gareji ne da masu faci da masu sayar da mai a kwalba, gidajen kwana suna can baya, kowane layi da nasa mai shago.

Abin da ke ƙona mini rai, in shagon ya mutu ba a cewa lissafi ne bai yi ba. Sai a ce wurin ba shi da sa'a, ko maƙwabci ya yi binne a bakin ƙofa. Na ga wanda ya kai wa wani mai duba jika 30 da baƙin bunsuru, aka yayyafa masa rubutu a dokin ƙofa, alhali ƙofar tana kallon yamma, daga azahar zuwa la'asar sakaliya rana na dukan kanta, sabulu na gumi, alawa na narkewa, ba mai iya tsayuwa a watan Afrilu ya jira canji. Gabanta kuma lambatu ne buɗe wanda sai an yi tsalle. Jika 30 ɗin nan da ta yi masa rumfar kwano da 'yar gadar siminti. Mai duban bai taɓa sayar da ko ƙwayar ashana ba, amma shi aka tambaya, ba a tambayi tsohuwar da ke tuya ƙosai a kusurwar shekara da shekaru ba. Arziki na Allah ne, ba mai musu. Amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali, kuma ɗaurin raƙumin mai shago shi ne ya zauna ya ƙirga.

Ga yadda ake ƙirgar. Ka sami littafi, ka zauna wurin mai shayin da ke kallon shagon, ranar Talata ko Laraba, domin ranar kasuwa ƙarya take yi. Daga bayan asuba zuwa ƙarfe 9, sannan wajen 11 zuwa azahar lokacin ɗora girki, sannan daga la'asar zuwa bayan isha'i. Kada ka ƙirga babur ko mota. Ka ja layi ɗaya domin masu tafiya a ƙasa ta hannunka, layi na biyu domin waɗanda suka shiga shagon maƙwabci suka fito da leda. Layi na biyu shi ne amsarka. In maƙwabcin kwalta, wanda ya daɗe kuma an san shi, bai haɗa mutum 100 a wuni ba, kai baƙo ta ina za ka haɗa? Ka yi wa wuraren biyu haka, kowanne kwana biyu. Ka kuma tuna watan da kake ciki: in 'yan lakwal ne suka cika maka layi, daga Yuli zuwa Satumba ba za ka gan su ba.

Shago biyun da ke layin Zariya kada su tsorata ka tukuna. Kasancewarsu a raye shaida ce cewa unguwar na saye. Ka zagaya da ƙafa ka ƙirga ƙofofin gidajen da yaro zai iya tahowa daga cikinsu ba tare da ya tsallaka babbar hanya ba. In gida 120 ne, ku uku, rabonka 40, sai kowane gida ya aiko sau biyu a wuni kafin ka kai 80 ɗinka, abin da zai yiwu in manyan gidaje ne masu mata da yara. In gidajen ba su kai 60 ba, ko kuma galibi na ma'aikata ne masu sayen buhu da katan a ƙarshen wata, ka nemi wani layin. Sannan ka shiga shagunan a matsayin mai saye. Ka tambayi ruwan sanyi, ka tambayi mai na awo, ka ga ƙarfe nawa suke buɗewa, ka ga ko suna rufewa da rana. In dukansu ba mai firiji, ko ba mai buɗewa kafin yara su tafi lakwal, ka sami ƙofarka. In ɗaya ɗan mai unguwa ne, shagon a zauren gidansu yake, ba ya biyan haya, kuma rabin layin na cikin littafin bashinsa, ka sani za a daɗe kafin su juyo. Waɗanda za su fara rugowa wurinka da fara'a a makon farko, yawancinsu waɗanda ya hana bashi ne.

In lissafin ya ba ka Zariya, kamar yadda nake zato, ka duba bangon shagon daga ƙasa. Tabon ruwa mai tsawon taƙi yana nufin a watan Agusta buhun sukarinka zai sha, ka tambayi maƙwabta inda ruwan layin ke bi. Ka tambayi ko mitar wuta taka ce kai kaɗai ko ta haɗaka da gidan, domin firiji a mitar haɗaka rigima ce duk wata. Kuma ka zauna da mai gidan kansa, ba dillali ba, a rubuta takarda gaban shaidu biyu cewa haya jika 15 ce har shekara biyu, da sanarwar wata uku kafin tashi. In ba haka ba, ranar da ya ga layin yara a ƙofarka zai tuna cewa yana da ɗa wanda ba shi da sana'a.