Ki bincika kafin ki sa abu a tsakiyar da'irorin nan uku

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Gidajen haya uku aka nuna mana a nan Abuja, na yi zanen Venn mai da'ira uku don mu kwatanta ni da maigida. To na rikice. Abin da gida biyu suke da shi, ina zan sa shi? Wani abin ma na ga na rubuta shi har sau uku. Don Allah a taimaka."

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Wallahi da na karanta saƙonki sai da gabana ya faɗi, don takardar nan da ke hannunki ni ma na riƙe irinta, kuma kuskure ɗaya a cikinta ya sa na yi wata da watanni ina sayen ruwa a hannun 'yan garuwa.

Namu gidajen, ɗaya a Kubwa, ɗaya a Lugbe, ɗaya a Nyanya. Ki ajiye zanen tukuna, ki ɗauko wata takarda ki jera abubuwan da kuka damu da su, kowanne a layinsa. Kowane abu ki yi masa tambaya uku: gidan farko yana da shi? Na biyu fa? Na uku fa? Amsar e ce ko a'a, babu "da dama-dama". Waɗannan amsoshi uku su ne za su nuna miki gurbinsa, kuma sau ɗaya tak ake rubuta abu. Da'ira uku idan suka shiga juna gurbi 7 suke bayarwa: uku na kowane gida shi kaɗai, uku na gida bibbiyu, sai ɗaya a tsakiya. Akwai na 8 da mutane suke mantawa, wato filin da ke wajen da'irorin duka, na abin da babu gidan da yake da shi.

Ni abubuwa 7 na jera. Mitar kati duk gidajen suna da ita, ta tafi tsakiya. Katanga da get, Kubwa da Lugbe suna da su, Nyanya babu. A nan ne hannu yake zamewa, ki lura da kyau. Inda da'irar Kubwa ta haɗu da ta Lugbe kamar ƙwayar gurjiya yake, amma wani ɓangarensa ya faɗa cikin da'irar Nyanya, wannan ɓangaren shi ne tsakiya. Katanga dole ta zauna a sashen da da'irar Nyanya ba ta taɓa ba. In rubutunki ya tsallaka layin ko kaɗan, kin ba Nyanya katangar da ba ta da ita. Shi ya sa nake cewa ki zana manyan da'irori, ki kifa faranti a kan takarda ki zagaya, ki yi da fensir.

Kuɗin haya ya ba ni wuya, don kowane gida yana da farashinsa, in kika rubuta "araha" ba ki san inda za ki sa ba. Sai na mayar da shi iyaka: "bai wuce naira dubu 800 a shekara ba". Lugbe e, Nyanya e, Kubwa a'a, ya shiga gurbin Lugbe da Nyanya. Nisa ma haka na yi masa: "maigida zai isa aiki cikin minti 40 da safe". Lugbe kaɗai ta ci wannan, don cunkoson hanyar Nyanya kafin a kai mahaɗar AYA da ke Asokoro ba sai na faɗa wa kowa a nan ba. Islamiyyar da yara za su taka da ƙafa, Kubwa kaɗai. Biyan haya wata shida-shida kuwa duk masu gidan sun ƙi, na rubuta shi a waje.

Saura ruwa. Allah sarki.

Dillalin da ya kai mu gidan Lugbe, na tambaye shi da bakina, a gaban maigida, akwai ruwa? Ya buɗe famfon kicin, ruwa ya zubo, ya ce Hajiya ai ruwa har sai kin gaji. Watan Agusta ne, ana tsakiyar damina. Na dawo gida na rubuta "ruwa" a tsakiya da hannuna. Ashe rijiya ce a bayan gida ake turo ruwanta zuwa tanki, ba burtsatse ba, kuma shi ya sani, don a layin yake zaune. Kafin ƙarshen Fabrairu rijiyar ta koma laka. Ina goyon wata huɗu, ga wankin jariri, ga zafin Maris ya shigo. Akwai daren da yaron ya kwana da zazzaɓi, na tashi in jiƙa tawul in goge masa jiki, jarka babu ko ɗigo, ruwan leda na fasa ina yi ina kuka. Na kira mutumin nan ya fi a ƙirga, ranar da ya ɗauka sai ya ce wai ai na tambaye shi ko akwai ruwa ne, ban tambaye shi ko yana ƙafewa ba. Kuɗin dillancinsa kuwa cas ya karɓa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, na bar shi da Allah.

Abin da ya fi ci mini rai, duk abin da kika sa a tsakiya kin daina tunaninsa ke nan, tunda duk gidan da kika zaɓa za ki same shi. Da na sa ruwa a can, na cire shi daga shawara gaba ɗaya, Lugbe ta fito da abu 5, Kubwa 4, muka bi mai yawa. Da na rubuta "ruwa har a rani" na tambayi maƙwabta, da gurbinsa Kubwa da Nyanya ne, inda akwai burtsatse. Lissafin ya zama Kubwa 4, Lugbe 4, Nyanya 3. Ko a hakan ma ƙirga ba ta isa ba, don zanen ba ya nuna nauyi, ruwa da get duk kalma ɗaiɗai ce a takarda. Ki ja layi a ƙarƙashin abu biyu da ba za ku iya zama babu su ba, ki duba wace da'ira ce ta kwashe su.

Abin da ba ki gani da idonki ba, kada ki sa shi a kowane gurbi. Ki bar shi a gefe da alamar tambaya har sai kin tabbatar. Kuma ki je unguwar ba tare da dillali ba, ki yi sallama gidan maƙwabta, mata za su gaya miki gaskiya. In kin ga kurar 'yan garuwa tana yawan shiga layin, kin samu amsa. Ki kuma ce a nuna muku takardar yarjejeniya kafin ku biya ko sisi, wannan ma na koya da wuya.

Idan kin gama, ki ƙirga duk abin da ke cikin zanen har da na waje, ya yi daidai da jerinki. Nawa 6 a ciki, 1 a waje, 7 ke nan. In ya wuce, kin maimaita wani, in ya gaza, kin manta wani. Sannan ki bi da'ira ɗaya da yatsa ki karanta duk abin da ke cikinta, gurbinta huɗu, ki ji ko da gaske gidan nan ake siffantawa. Gurbin da ya zauna fayau kada ki cusa masa abu, ni gurbin Nyanya ita kaɗai babu komai a ciki, kuma daidai ne.

Ki turo mana jerin naki da amsoshin e da a'a, in sha Allahu bayan isha'i zan duba miki.