Tabarau ta Hannun Jika

"Kawu, Baba ya daina buɗe Alƙur'aninsa, da ka yake karatu, waya ma sai an duba masa. Ina so in saya masa tabarau, amma Inna ta ce ba a ce wa babba idonsa ya gaza. Haka al'adar take?"

Ɗana, gaskiyar Yaya ce, amma rabin maganar ta faɗa maka. Kai ɗan fari ne, kunya ba za ta bar ka ka tsaya gaban mahaifinka ka lissafa masa abin da tsufa ya ci ba, shi ma ba zai amsa maka ba. Amma jika ba shi da wannan shamakin. Wasan jika da kaka ƙofa ce da aka bari a buɗe don irin wannan saƙo. Ni ma ta nan na shiga wa kakanmu Malam.

Malam da hannunsa ya rubuta Alƙur'aninsa, warƙa-warƙa, yana ajiye a gafaka, kuma yana ɗinkin hula. Ya haura sittin muka lura yana ta nisanta takarda da fuskarsa har hannu ya ƙare. Zare a kafar allura sai ya kira almajiri. Kwalli yake ta rambaɗawa, yana cewa tawadar zamani ce ba ta da kyau. 'Ya'yansa duk sun gani, babu mai bakin magana.

Ina ɗan makaranta lokacin. Na roƙi wani mai tabarau a kasuwa ya ara mini guda uku, masu lamba +1.50, +2.50 da +3.00. Na same shi da hantsi a zaure, na ce, "Tsoho, tunda ba ka gani, amaryar nan taka yau zan ƙwace ta." Ya ɗaga carbi zai make ni, na zura masa na farko. Ya duba warƙa ya ce da sauƙi amma da saura. Na +3.00 sai da ya kawo takardar dab da hanci kafin ta fito. Da ya sa +2.50, yana riƙe da ita kamu ɗaya daga fuskarsa, sai ya yi tsit.

Ya daɗe bai ce komai ba. Yatsansa kawai ke bin layi. Jan wasali ya rabu da baƙin rubutu, rawayen ɗigon hamza ya fito, ga koren ɗigo a gefen alifi. Can ya ce a miƙo masa alƙalami da tawada. Wai akwai wani harafin fa da ya manta bai sa masa ɗigonsa na ƙasa ba, tun yana saurayi. Ya ɗiga, ya hura ya bushe. Daga nan ya jawo hular da almajirinsa ke ɗinkawa, ya juya ta ciki da waje, ya ce, "Ashe yaron nan tsallake yake yi mini, ni ko ina ta sa masa albarka."

Ranar kuma ya kusa karya ƙafa. Ya miƙe da tabarau a fuska zai fita sallar azahar, ƙasa ta yi masa dishi-dishi, ya yi tuntuɓe da dokin ƙofa. Laifina ne, ban gaya masa tabarau na zaune ne ba. Wannan gilashin abin kusa kaɗai yake gyarawa, nesa ɓata ta yake yi.

Abin da ya sami Malam ba ciwo ba ne. Daga shekara 40 zuwa 45 ƙwayar cikin ido takan fara tauri, ta daina lanƙwasuwa don ganin kusa. Mai 45 yakan wadatu da +1.00 ko +1.50, mai 60 yawanci +2.50 ne. Ka ɗauki mafi ƙarancin lambar da ta fito da rubutu a tazarar da ya saba karatu, domin wadda ta yi ƙarfi ciwon kai take kawowa. A gwada da littafinsa, cikin haske, ido ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai ka lura da wannan. In nesa ma hazo yake gani, ko fitila tana kashe masa ido da dare, ko ido ɗaya ya fi ɗaya rauni sosai, ko duk lambobin ba su yi ba, to ba na kasuwa ba ne. Yana iya zama yanar ido, wadda aiki ne maganinta a asibiti, kada ka yarda a kai shi wurin masu tura ta da tsinke. Hawan jinin ido kuwa a ɓoye yake cin gani daga gefe, abin da ya ci ba ya dawowa, kuma awo kaɗai ke nuna shi. Tunda Baba ba a taɓa auna shi ba, ko tabarau ya yi masa, ka kai shi asibitin ido na ECWA nan Kano a duba.

Wannan 'yar taka mai surutu, ita za ka ba. Ka sa a ɗaura wa tabarau igiyar ratayawa a wuya, don Malam sau biyu yana zaune wa nasa a kan buzu. Ka gaida Yaya da yara.